Yadda za ka kwatanta kwala, ɗaurin laktaye da bakin hannu idan za a sa maka kwat a hoto

Saƙon da ya fi shigo mini a waya a shagonmu na gyaran hoto bai wuce layi ɗaya ba: "Oga ga hotona, a sa min kwat mai kyau." Sai in buɗe, in ga mutum cikin kaftani ko rigar ƙwallo, yana son hoton da zai liƙa a takardar neman aiki, ko fastar taro, ko littafin yaye ɗalibai. In na yi aikin na tura, rabinsu sukan dawo da magana iri guda: "Ya yi kyau, amma dai kamar ba ni ba ne." Idan ka ce ya nuna maka inda matsalar take, ba zai iya ba. Ni kuwa na daɗe da gane wurin. Kusan kullum tana ɗaya daga wurare uku: kwalar riga, ƙullin laktaye, ko bakin hannun riga da ke leƙowa daga hannun kwat. Nan ne tufa take haɗuwa da fatar mutum, kuma nan ido yake fara sauka.

Mu a Kano mun iya kwatancen kayanmu. Wanda ya yanko shadda a Kwari ya kai wa tela zai faɗi irin wuyan da yake so, da faɗin aiki, da ko hannun mai linkis ne ko sake. Amma da an zo kan kwat sai bakinmu ya mutu, mu ce "mai kyau" kawai. Abin da nake so ka iya bayan ka karanta wannan shi ne rubuta kwatancen da mai gyara zai karanta ya ga abin a idonsa kafin ya taɓa kwamfuta. Sunayen Turanci da za ka gani a nan na sa su ne saboda su ake bugawa a wurin neman samfurin kwat, wato shiryayyen hoton kwat da mai gyara yake ɗora wa mutum, ba don a haddace ba.

Kafin ka rubuta komai, duba hoton da ke hannunka

Buɗe hoton ka ƙara girmansa daidai wuya. Abu huɗu za ka lura da su. Wuyan dogo ne ko gajere? Fuskar doguwa ce ko zagayayya? Gemu ya sauko ya rufe maƙogwaro ko bai kai ba? Hannuwa sun fito a hoton ko an yanke daga ƙirji? Amsoshin nan su ne za su zaɓa maka kwala da ƙulli, ba abin da ka gani a jikin wani ba.

Sai ka daidaita maganar hagu da dama tun daga farko, domin ta ɓata ayyuka da yawa. A duk kwatancenka, hagu tana nufin hagun mai hoton, ba hagun mai kallo ba, kuma ka rubuta haka a sarari. Rigar maza da kwat ɗin maza ɓangaren hagu ne yake hawa kan na dama, maɓallai suna dama, ramukansu suna hagu. Aljihun ƙirjin kwat ma yana hagu. Idan mai gyara ya ga samfurin kwat ɗinsa yana fuskantar wani gefe, shi kuma mai hoto yana fuskantar ɗayan, hanya mafi sauƙi ita ce ya danna `Flip Horizontal`, wanda yake juya samfurin hagu ta koma dama. Da ya yi haka aljihu ya koma dama, maɓallai sun koma irin ɗinkin mata. Talaka da bai saba da kwat ba ba zai lura ba, amma manajan bankin da zai duba takardarka kullum da ita yake fita aiki. Hoton da aka ɗauka da kyamarar gaba ma sau da yawa a juye yake, don haka in da rubutu a bango ko a rigar, duba ko yana karantuwa daidai.

Kwala: da ita ake farawa

Kwala tana da sassa biyu. Akwai tsayuwarta, wato ɗaurin da ya zagaye wuya inda maɓallin sama yake, kamar wuyan kaftani mai tsaye. Akwai kuma ninkin da ya kwanto a kai, wanda ya ƙare da tsini biyu a gaba. Ni kunnuwa nake ce wa tsinin nan biyu, haka kuma zan riƙa kiransu a nan. Bambancin kwala da kwala kusan duka yana cikin yadda kunnuwan suka buɗe da juna.

Hanyar da na ga ta fi shiga kan mutane ita ce agogon bango. Ɗauki maɓallin wuya a matsayin tsakiyar agogo, kunnuwan kuma hannayensa. Idan kunne ɗaya yana nuna 5, ɗayan yana nuna 7, wato sun sauko ƙasa kusa da juna, wannan ita ce `point collar`. Gurbin da ke tsakaninsu matsattse ne. Idan sun buɗe zuwa wajen 4 da 8, ita ce `spread collar`, gurbinta da faɗi. Wadda ta tsaya tsakanin waɗannan biyu `semi-spread` ake ce mata, kuma ita nake sa wa mutum in bai faɗi komai ba, don da wuya ta ƙi fuska. Idan kunnuwan sun kusa miƙewa zuwa 3 da 9, suna kallon kafaɗu, `cutaway collar` ce. Wannan ban cika son ta a hoton neman aiki ba, saboda takan bar igiyar laktaye a fili a gefen ƙulli, kuma tana ƙara wa fuska faɗi.

Ga dalilin da ya sa na ce ka duba fuska. Layukan da suka sauko ƙasa suna ja wa ido tsawo, waɗanda suka baje suna ja masa faɗi. Mai zagayayyar fuska da gajeren wuya kwala mai kunnuwa a 5 da 7 ce take taimakonsa. Mai doguwar fuska siririya kuwa ta 4 da 8 ce take cika shi. Tsayuwar kwalar ma haka: mai gajeren wuya ka ce a yi ta ƙasa-ƙasa, kamar santimita 3, kada ta taɓo haɓa. Mai dogon wuya za ta iya kaiwa santimita 4.

Bayan siffa, akwai abubuwa uku da in ba ka faɗa ba za a iya yin kuskurensu. Na farko, maɓallin sama a rufe yake, kwalar ta kama wuya ba tare da rami ba. A zahiri yatsa ɗaya ko biyu ne kawai ya kamata su shiga tsakanin kwala da wuya. A hoton da aka gyara, idan samfurin na ƙaton mutum ne aka ɗora wa siriri, za ka ga wani baƙin rami a gaban maƙogwaro, kan ya zama kamar an dasa shi a tukunya. Na biyu, tsinin kunnuwan su kwanta a ƙirji, su shige ƙarƙashin ninkin gaban kwat ko su taɓa shi, kada su tashi sama ko su hau kan kwat ɗin. Tsawon kunne daga wuya zuwa tsini yakan kai santimita 7 zuwa 8. Na uku, farar kwala ta leƙo saman kwalar kwat a gefen wuya da kamar santimita 1 zuwa 1.5, kuma daidai wa daida a gefe biyun. In kwat ta haɗiye ta a gefe ɗaya ta bar ta a ɗayan, mutum zai fito kamar kafaɗarsa ɗaya ta faɗi.

Akwai kwala mai ƙananan maɓallai a kan tsinin kunnuwa, `button-down collar`. Asalinta daga 'yan wasan folo ne, waɗanda iska ke kaɗa wa kwala a kan doki, shi ya sa har yau ake ganinta ta fi kusa da kayan shan iska. In ba ka so, rubuta "ba maɓalli a kunnen kwala", domin samfura da yawa da ita suke zuwa. Ita kuma `band collar`, wadda ba ta da kunnuwa sam, ba a ɗaura mata laktaye. Na sha ganin an ɗora ƙulli a kan wuyan kaftani haka nan, igiyar tana yawo a fili.

Ɗaya ce zan daɗe a kanta, don ta taɓa ba ni kunya. Wata baiwar Allah ta kawo hoton ƙanenta da ya gama makarantar horon lauyoyi ta Bagauda, tana son a yi masa babban hoto da shigar lauya ta rataye a falon mahaifiyarsu. Na sa masa baƙar alkyabbar lauya da farin gashin nan, na haɗa da kwala ta yau da kullum da baƙin laktaye. Da ya gani sai ya kira ni ya ce, "Yaya, ka yi ƙoƙari, amma ba ma haɗa alkyabba da laktaye." Shigar lauya ta alkyabba da farin gashi tana tafiya ne da `wing collar`: kwala tsayayya mai tauri wadda ba ta ninko ba, sai ƙananan tsini biyu da suka karyo a gaba kamar fiffike, a ƙasansu kuma fararen ƙyalle biyu masu tsawo suna saukowa kan ƙirji, waɗanda ake nema da sunan `barrister bands`. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo aiki sai na tambaye shi sana'arsa da inda za a kai hoton.

Ƙulli: girmansa, siffarsa, da inda ya zauna

Na ce a fara da kwala saboda ita ce take buɗe gurbi, ƙulli kuma aikinsa ya cike gurbin. Wasu masana kimiyya biyu a Jami'ar Kambirij, Thomas Fink da Yong Mao, sun lissafa a 1999 cewa akwai hanyoyi 85 na ɗaura laktaye. Kai uku kawai kake buƙata.

Na farko `four-in-hand`. Ƙarami ne, siriri, ya ɗan yi tsawo, kuma ya ɗan karkace gefe guda. Karkacewar nan ba kuskure ba ce, haka ɗaurin yake fitowa saboda sau ɗaya ake zagayawa. Shi ne abokin kwala mai matsattsen gurbi. Na biyu `half Windsor`, matsakaici, mai kusurwa uku, gefensa biyu sun kusa zama daidai. Yana zama da kwala ta tsaka-tsaki da mai faɗi. Na uku `full Windsor`, babba, mai faɗi a sama, gefe biyu daidai wa daida. Sai kwala mai faɗin gurbi take ɗaukarsa, sai kuma mutum mai jiki da faɗin fuska.

Abin da ke faruwa in an haɗa su ba daidai ba a bayyane yake. Babban ƙulli a matsattsiyar kwala yana ture kunnuwan sama, sai su yi kamar za su tashi. A hoton gyara ma ya fi muni, don mai gyara yakan ɗora ƙullin a saman kunnuwan, alhali a jikin mutum kunnuwa ne suke rufe gefen ƙulli. Ƙaramin ƙulli a kwala mai faɗi kuma yana barin fili hagu da dama, ka hango igiya da farar riga. Don haka kada ka tsaya a suna. Rubuta cewa ƙullin ya cike gurbin, kusurwoyinsa na sama sun shige ƙarƙashin kunnuwan kwala, kuma ya matse har sama ya rufe maɓallin wuya. Idan ana ganin maɓallin a saman ƙulli, mutum ya fito kamar wanda ya taso daga aiki ya sassauta wuya.

Sai ɗan kwarmin nan da ke ƙasan ƙulli, inda laktaye ya lotsa kafin ya baje, `tie dimple`. Ƙaramin abu ne, amma shi yake nuna cewa yadi ne aka ɗaure, ba kwali aka liƙa ba. Ka ce a yi guda ɗaya, a tsakiya ko ya ɗan gusa kaɗan, da 'yar inuwa a cikinsa.

Faɗin laktaye a inda ya fi faɗi yakan kasance santimita 7 zuwa 9, kuma ƙa'idar ita ce ya yi kusan daidai da faɗin ninkin gaban kwat. Siririn laktaye a kwat mai faɗin ninki yana nuna an ɗauko su daga samfura biyu. In hoton ya kai ƙugu kuma kwat a buɗe take, tsinin laktaye ya sauka a kan ƙarfen bel, kada ya tsaya a cibiya, kada ya wuce. Game da launi, faɗi sunansa da abin da mai gyara ya sani: shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata, ja mai duhu kamar zoɓo. Ni nakan ba da shawarar mara zane, ga dalili. A laktaye mai ratsi a karkace, yadin da ya zagaye ƙulli a kwance yake, don haka ratsin ƙulli yana karkata ne ta ɗaya gefen, saɓanin na jikin laktayen. Mai gyaran da ya zana ratsi ya bi da shi tun daga ƙulli har ƙasa a layi ɗaya ya yi abin da ba ya yiwuwa a yadi. Ƙananan zane masu yawa kuma sukan yi wani rawa-rawa idan aka rage girman hoton zuwa fasfo.

Bakin hannu

Idan an yanke hoton daga ƙirji, tsallake wannan. In hannu ya fito, to ka sani nan ne masu gyara suka fi yin ha'inci, saboda ba kowa yake dubawa ba.

Iri biyu ne. Mai maɓalli, `barrel cuff`, gefe ɗaya yana hawa kan ɗaya ya zagaye wuyan hannu kamar gwangwani, da maɓalli ɗaya ko biyu. Kusurwarsa tana iya zama zagayayya, ko mai yankan gefe, ko miƙaƙƙiya. Sai mai linkis, `French cuff`, wanda yadinsa ya ninku baya ya zama biyu, bakunan kuma ba sa hawa kan juna: haɗuwa suke yi fuska da fuska kamar tafi, su ɗan turo waje, linkis ya ratsa su. Duk wanda ya taɓa sa kaftani mai linkis ya san wannan haɗuwar. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a ɗauki hannu mai maɓalli a liƙa masa hoton linkis a kai. In ka nemi linkis, faɗi kaurin ninkin da haɗuwar bakunan, ka faɗi launin ƙarfen, kuma ya dace da agogon da ke hannun: fari da fari, ruwan gwal da ruwan gwal. Don hoton neman aiki mai maɓalli ya wadatar. Mai linkis ya fi dacewa da ango ko babban taro.

Yawan farin da zai leƙo daga hannun kwat shi ne santimita 1 zuwa 1.5, kusan faɗin ƙaramin yatsa. Bakin rigar yana tsayawa ne inda hannu ya fara faɗi, ya rufe ƙashin nan da ya turo a wuyan hannu, hannun kwat kuma ya tsaya sama da shi kaɗan. In babu fari ko kaɗan, kwat ta zama ta aro. In ya kai faɗin yatsa uku a hannun da ke sake, kwat ta yi kaɗan. Amma idan an lanƙwasa gwiwar hannu, kamar wanda ya harɗe hannuwa a ƙirji, kwat takan ja baya, farin ya ɗan ƙaru, kuma hakan daidai ne. Launin bakin hannu da na kwala su zama ɗaya, don riga ɗaya ce. Agogo kuma yana shiga ƙarƙashin bakin riga ne, rabinsa a rufe, ba ya hawa kai.

Wani aiki daga farko zuwa ƙarshe

Wani malamin makarantar sakandare daga wajen Kabuga ya zo da hoto a wayarsa. An ba shi muƙamin mataimakin shugaban makaranta, ana son hotonsa da kwat a littafin bikin yaye ɗalibai. A hoton yana cikin farin kaftani mai tsayayyen wuya, da hula zanna, ya harɗe hannuwa, agogo mai farin ƙarfe a hannun hagu. Mutum ne mai jiki, fuska zagayayya, wuya gajere, gemunsa ya sauko kamar faɗin yatsa biyu ƙasan haɓa. Haske ya shigo ta damansa, daga taga.

Ya ce, "Malam, babban ƙullin nan nake so, irin na masu karanta labarai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi maka in ka ce shi, amma duba nan." Na nuna masa cewa tsakanin gemunsa da inda maɓallin wuya zai zauna babu fili. Babban ƙulli zai haɗe da gemu su zama dunƙule ɗaya, ga shi sai an buɗe masa kwala, fuskar ta ƙara faɗi. Muka tsaya a kan kwala ta tsaka-tsaki da matsakaicin ƙulli. Hula kuwa ya ce a bar masa, na ce hakan ya yi, mutane da yawa suna haɗawa.

Daga nan sai awo, kuma ga dabarar da nake amfani da ita. Hoto ba shi da santimita, amma fuska tana da ma'auni a jikinta: tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido a babban mutum tana kusa da santimita 6.3. A hotonsa na auna na sami fiksil 190, wato ƙananan ɗigon da kwamfuta take auna hoto da su. In ka raba 190 da 6.3 za ka sami kusan 30, wato kowace santimita fiksil 30 ce. Saboda haka kunnen kwala mai santimita 7.5 ya zama fiksil 225, laktaye mai faɗin santimita 8 ya zama 240, farin kwala a gefen wuya ya zama 45. Bakin hannu na ba shi wajen 55 maimakon 45, saboda hannun a lanƙwashe yake kuma ya fi fuska kusa da kyamara. Wannan lissafin yana aiki ne idan mutum yana kallon kyamara kai tsaye. In ya juya kai gefe, tazarar idon takan ragu a hoto, sai kayan su fito ƙanana. Wanda ba shi da kwamfuta ma zai iya amfani da shi da ido: faɗin laktaye ya ɗan ɗara tazarar idanu, kada ya ninka ta.

Ga kwatancen da na rubuta wa yaron da ke aiki tare da ni, kamar yadda na tura masa:

"Hagu da dama na mai hoton ne. Farar riga mara zane. Kwala mai matsakaicin buɗi, kunnuwa tsakanin 4 da 5 a gefe guda, tsakanin 7 da 8 a ɗayan, ba maɓalli a kansu, tsininsu ya shige ƙarƙashin ninkin kwat. Tsayuwar kwala gajera, maɓallin sama a rufe, ba rami a wuya. Wuyan kaftani ya fita gaba ɗaya. Laktaye shuɗi mai duhu mara zane, matsakaicin ƙulli mai kusurwa uku, ya cike gurbin, ya rufe maɓalli, da kwarmi ɗaya a ƙasa. Gemu yana saman kwala da ƙulli. Hannun hagu ne a sama, bakin riga mai maɓalli ɗaya ya leƙo, ya rufe rabin agogo. Hannun dama a ɓoye yake, kada a ƙirƙiro masa fari. Haske daga dama. Kada a taɓa fuska, gemu, hula, launin fata, kaurin wuya da yatsu."

Layin ƙarshen nan kada ka taɓa barinsa. Idan kwalar samfuri ta ƙi shiga wuya, mai gaggawa wuyan yake matsewa da `Liquify` maimakon ya buɗe kwalar da `Warp`. Daga nan ne "kamar ba ni ba ne" take fitowa. Tufa ake gyarawa ta dace da mutum.

Abin da yaron ya buga wajen neman samfuri shi ne:

```
navy suit, arms crossed, white shirt, semi-spread collar,
half Windsor knot, solid tie, barrel cuff
```

Da ya kawo aikin farko, na ƙara girman hoton zuwa kashi 200 na bi wuraren uku. Kwala ta zauna, awo ya yi. Amma na sami kuskure biyu. Ƙullin ya hau kan gemu, gefen gemun ya yanke ƙat kamar da almakashi, alhali gashi ne ya kamata ya sauko kan farin yadi da 'yan silalansa. Sannan babu inuwa a ƙarƙashin haɓa. Kai yana jefa inuwa a kan kwala da saman ƙulli, kuma tunda haske daga dama yake, inuwar ta fi nauyi a kunnen kwala na hagu. In babu ita, kwalar takan yi fari fat, ta fi komai haske a hoton, kan ya rabu da jiki. Ya mayar da gemun sama, ya sa inuwa mai laushi, ya ɗan rage hasken farin ya dace da hasken ɗakin. A bakin hannu kuma na sa ya ƙara siririyar inuwa inda riga ta kwanta kan fata, da wata inda kwat ta kwanta kan riga.

Gwajin ƙarshe da nake yi shi ne in rage hoton ya koma girman da za a buga shi, in miƙa wa wanda bai san an yi gyara ba, in ce ya faɗi abin da ya fara gani. In ya ce fuska, aiki ya yi. In ya ce laktaye, akwai abin da ya yi girma ko ya yi haske.

Abu ɗaya da ba na karɓa: hoton biza ko na wata takardar hukuma da aka ce kada a sauya shi da kwamfuta. Ofisoshin jakadanci da yawa suna ƙin hoton da aka taɓa, kuma asarar kuɗin mai nema ce. Mai wannan buƙata nakan ba shi farar riga da kwat da muke ajiyewa a shago, in ɗaura masa laktayen da hannuna, in ɗauke shi sabon hoto. Shi kuwa malamin nan, da ya zo karɓa ya daɗe yana kallon wuyan, sannan ya ce in rubuta masa sunan kwalar da ƙullin a takarda, zai shiga Sabon Gari ya nemi irin rigar kafin ranar bikin.